D1 ko M5: wanne ya dace da mai koyon kyandirorin zinare?

"Sabon shiga ne ni a jadawalin zinare. Da kyandir na kwana ɗaya zan fara ko na minti biyar, kuma me dogon lagwani a sama yake nufi?"

Malam, ka fara da D1, wato kyandir na kwana ɗaya. Kowane kyandir yana ɗauke da farashi huɗu: inda aka buɗe, inda aka rufe, ƙololuwar da aka kai da kuma mafi ƙarancin farashi. Gangar jikinsa ita ce tazarar buɗewa da rufewa, siririn layin da ya miƙe sama kuwa shi ne lagwani. Idan ya yi tsawo, ma'anarsa masu saye sun tura farashi sama, amma masu sayarwa suka fi ƙarfinsu suka dawo da shi ƙasa kafin a rufe.

Kyandir ɗin da nake nuna wa duk mai koyo shi ne na XAUUSD, wato farashin zinare da dalar Amurka, na ranar Litinin, 4 ga Disamba 2023, wanda na buga a takarda na manna a bangon da ke gaban teburina. An buɗe a wajen dala 2,070, farashi ya yi tashin gwauron zabo ya haura 2,130 tun kafin gari ya waye a Najeriya, amma aka rufe a wajen 2,030. Lagwanin ya kai kusan dala 60, ya fi gangar jikin tsawo, kuma ya zo ne bayan makonni ana hawa, daidai yankin da zinare ya kasa wucewa a 2020 da 2022. Wannan matsayin ne ya ba shi nauyi, domin lagwani irinsa a tsakiyar kasuwar da ke kai da komo ba ya cewa komai. Cikin kwana goma farashi ya sauko ƙasa da 2,000, sai dai a Maris 2024 ya zarce waccan ƙololuwa, saboda haka lagwani gargaɗi ne na ɗan lokaci kawai. Ka jira kyandir ya rufe kafin ka yanke hukunci, sannan ka duba ko na bayansa sun rufe ƙasa da shi.

M5 kuwa, wato na minti biyar, na taɓa sayen darasin da aka gina a kansa, kuma abin da zan iya yaba masa kawai shi ne yana taimakawa wajen zaɓar lokacin shiga. Dogayen lagwani suna fitowa a can barkatai, musamman lokacin da Amurka ta fitar da alƙaluman ayyukan yi.

Ka kuma yi hattara da masu tallan sigina, wato shawarar lokacin saye ko sayarwa, da ke nuna hoton jadawalin da aka yanke daidai inda hasashensu ya ci. Ka buɗe asusun gwaji na kyauta, ka koma baya a D1, ka rubuta abin da ya biyo bayan kowane dogon lagwani kafin ka zuba ko kwabo.