Ƙosai ko shinkafa da miya: wanne jarin ₦150,000 zai ɗauka?

"Ina da ₦150,000, ina son in kafa wurin abinci a bakin titi. Ƙosai zan fara ko shinkafa da miya? Yaya zan raba kuɗin?"

'Yar'uwa, ki kama ƙosai. Kaskon da na fara da shi na hannu ne, wajen wata dattijuwa da ta daina suya na saye shi, ta haɗa min da matsami kyauta, har da addu'a. Yau ma a cikinsa na yi suya.

Kayan aikin ba su da yawa: kasko, matsami, murhu, roba biyu, tire, tebur da benci. Kada su ci miki fiye da ₦45,000, ki nemi na hannu inda ya samu. Ki ware kamar ₦20,000 na 'yar rumfa da abin da mai wurin zai nema. Abin da ke karya sababbin masu sana'a shi ne su zuba komai a kaya, ranar farawa babu kuɗin wake.

Cefanen yini shi ne ainihin jarin. Akwai wake, man gyaɗa, albasa, attaruhu da yaji, sannan ƙananan da ake mantawa: markaɗe, itace, ruwan mai garuwa, leda, da tikitin 'yan haraji. A ce duka sun kama ₦12,000 a yini, to ki riƙe na kwana biyar, ₦60,000 ke nan, domin makon farko mutane ba su san da ke ba. Ragowar ₦25,000 ki ɗaure ta, ta ranar da ruwan sama ya kore ciniki ce. Ki lura, man da za ki cika kasko da shi ranar farko ya fi na kullum yawa, bayan nan ƙari kawai za ki riƙa yi.

Kafin ki fita titi, ki surfa kwano ɗaya a gida, ki soya, ki ƙirga ƙosai nawa ya fito, ki duba man da ya sha. Ki buga da farashin unguwarku. In bai mayar da cefane da riba ba, ko dai kina sakin su manya, ko ƙullun bai bugu ba.

Shinkafa da miya kuwa, ba zan ce babu riba ba, amma tukwane, kuloli da faranti za su lashe rabin kuɗin, nama ya cinye sauran, kuma abin da ya kwana asara ne.

Ki yi hattara da masu awo. Wasu suna bubbuga gindin kwano ya shige ciki, wasu su sa wake mai kyau a saman buhu, mai ƙwari a ƙasa. Ki je da kwanonki, ki zura hannu har ƙasa. Man gyaɗa ma ana yi masa gauraye, ki shinshina kafin ki biya.