Sharhi: jinyar saran maciji a wata asibitin dabbobi da ke Jos

Karen gadi ne mai nauyin kilo 25, maciji ya sare shi a leɓe da magariba, kuma ba wanda ya ga macijin. Abin da ya burge ni a asibitin shi ne ba su tsaya cacar baki kan wane maciji ba ne, jinin suka gwada. Likitan ya ɗebi mililita 2 daga jijiya ya zuba a busasshen bututun gilashi mai tsafta, ya ajiye ba a taɓa ba har minti 20. Da ya karkata bututun, sai jinin ya gangaro ruwa-ruwa, ko alamar daskarewa babu. A ƙasar nan, wannan alama kububuwa take nunawa kafin kowane maciji. Dole bututun ya zama na gilashi, domin a na roba jinin lafiyayyar dabba ma yakan yi jinkirin daskarewa, sai a yi zaton dafi ne.

Dafin kububuwa yana tayar da aikin daskarar jini a duk sassan jiki lokaci guda, har sinadarin fibrinojin, wanda jiki ke saƙa gudan jini da shi, ya ƙare. Yana kuma cinye bangon ƙananan jijiyoyi. Shi ya sa kare zai iya tsayawa da ƙafarsa yana kaɗa wutsiya, alhali dasashinsa na tsattsafo da jini, inda aka soka allura ya ƙi tsayawa, fitsari ya koma ja. Wasu sukan rugo da bitamin K don sun ga yana aiki a kan kare da ya ci maganin ɓera. A nan ba ya amfani, domin hanta ba ta daina ƙera sinadaran ba, dafin ne ke cinye su.

Maganin dafin da aka yi amfani da shi EchiTAb-Plus ne, wanda ake yi a Kosta Rika don kububuwa, kasa da kumurci mai tofi. Na mutane ne, irin wanda aka sani a asibitin saran maciji na Kaltungo. An sirka shi da ruwan gishiri aka sa ta jijiya a hankali, allurar adirinalin tana ajiye a gefe ko da jiki zai ƙi karɓa, wato fuska ta kumbura, ko amai, ko dabbar ta faɗi. Mai kare yakan so a rage kwalba don dabbar ba ta kai mutum girma ba. Likitan ya ƙi, kuma da gaskiyarsa: yawan dafin da ya shiga ake bi, maciji kuwa ba ya rage dafi don ya sari ƙarami. Bayan awa 6 aka maimaita gwajin gilashi, jinin ya daskare. Ana jiran awa shidan ne don hanta ta samu damar mayar da abin da aka cinye. Da bai daskare ba, da sai an ƙara maganin.

Sauran jinyar sun yi ta yadda ya kamata: ƙarin ruwa, lura da fitsari saboda ƙoda, duba yawan jini, ba allura a tsoka don kada jini ya taru a wurin, ba maganin ciwo na diklofenak da danginsa domin suna ƙara zubar jini.

Ƙorafina biyu ne. Ba sa ajiye maganin, sai an fita nema, kuma kuɗinsa ya fi na sauran jinyar duka. Na biyun ya fi damuna: ba su da na'urar taimakon numfashi. Dafin wasu gamsheƙa da na mamba yana toshe mahaɗar jijiyar laka da tsoka, saƙo ba ya isa. Fatar ido ta sauka, yawu ya yi ta dalala saboda haɗiya ta gagara, ƙafafu su saki, daga ƙarshe tsokar numfashi ta tsaya, alhali jini na daskarewa lafiya lau. Maganin da na ambata ba don wannan aka yi shi ba. Allurar niyostigmin tare da atirofin kan taimaka a saran gamsheƙa, amma idan numfashi ya tsaya sai an zura bututu a maƙogwaro an yi ta hura iska na awanni, wanda ke da wuya da hannu.

Ga makiyaya, likitocin asibitin suna fita zuwa garke. Saniya takan jure saboda girmanta, akuya da tunkiya kuwa ba sa daɗewa. Haɗarin babbar dabba shi ne sara a hanci lokacin kiwo, kumburi ya toshe ƙofar iska. Doki ya fi shiga hatsari don ba ya numfashi ta baki, sai an sa masa bututu a hanci tun kumburin bai rufe ba, a kuma yi masa rigakafin tetanus. Kafin likita ya iso, a hana dabbar tafiya, a cire igiya ko abin wuya, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure.

In kububuwa ce ko kasa, zan tura mutum wurinsu, amma ya buga waya tun daga gida a fara neman maganin. In alamun shanyewa ne, ya tambaya tukuna ko akwai wanda zai kwana yana hura wa dabbar iska.