Kunshin umarnin zana banɗaki da na saya: tayil ya yi, madubi ya ƙi

Sana'ata tsara cikin gida, kuma masu gini yanzu sai sun ga hoton banɗaki kafin su sayi tayil. Shi ya sa na sayi wani kunshin rubutaccen umarni na Turanci, wanda ake liƙa wa Stable Diffusion, manhajar AI mai zana hoto daga rubutu, ya fitar da hoto. Sati uku ke nan ina aiki da shi.

Wajen tayil dai ba ni da ƙorafi. Wanda ya rubuta ya san cewa "tayil mai kyau" ba umarni ba ne. Sai ka faɗi girma, da yadda aka jera, da kaurin simintin da ke tsakani:

```
30x60 cm matte tiles, stacked bond, 2 mm grey grout, eye-level, straight verticals
```

Da wannan umarnin, layukan tayil suka fito a miƙe a tsakiyar bango. A kusurwa ne suke zamewa. Idan kana son ka gane, ɗora yatsa a kan layi ɗaya ka bi shi har inda bango biyu suka haɗu: sau da yawa ba ya haɗuwa da ɗan'uwansa, wani tayil ɗin ma ya kumbura ya fi na gefensa. Mai sa mana tayil kallo ɗaya ya yi ya ce, "Oga, wannan ai ba da ma'auni aka sa shi ba." Kalmomi ba su gyara wannan ba, sai da na fitar da zanen ɗakin daga manhajar zanen gini ta SketchUp na ba ControlNet, abin da ke sa Stable Diffusion bin zanen da aka ba shi, ta samfurinsa na MLSD mai bin miƙaƙƙun layuka.

Inda kunshin ya ba ni haushi shi ne cusa tururi da ɗigon ruwa cikin umarni ɗaya da komai. Tururi yana dusashe gefen abubuwa, nan take famfo ya lanƙwashe kamar kyandir a rana, shawa ta fito da kai biyu. Ɗigon kuma ya watsu har kan silin. Yanzu busasshen banɗaki nake fara fitarwa, sannan in zana iyakar gilashin shawa kaɗai da inpaint, wato sake zana wani sashe na hoto kawai, in sa denoising strength, wato yawan canjin da za a yi wa wurin, wajen 0.35, in nemi ɗigon a nan. Tururin shi ne na ƙarshe, siriri, can sama da famfo.

Madubi kam haƙura na yi. Manhajar ba lissafa abin da ke gabansa take yi ba, ƙirƙira take, har ta nuna min taga a ɗakin da ba shi da taga. Ko dai in rubuta cewa bangon tayil zalla yake nunawa, ko in bar shi da raɓa.

Zan ci gaba da amfani da sashen tayil. Na tururin tuni na goge shi na rubuta nawa.