Sharhi a kan digiKam: sunan da ka liƙa wa fuska yana iya bin hoton

Cikin manhajojin da na gwada masu gane fuska a hoto, digiKam ta KDE, ƙungiyar masu rubuta manhajojin kyauta, ita ce ta fi kwanta mini a rai. Kyauta ce, kuma a kan kwamfutarka take aikinta, ba ta tura hotuna wani wuri. Kana sa wa fuska suna a hotuna kaɗan, sai ta zaƙulo masu kama da ita ta ajiye a ƙarƙashin "Unconfirmed" har ka tabbatar. Tana rikita ƴan uwan da suka yi kama, musamman yara da hotunan dare, don haka kada ka tabbatar da tarin hotuna a dunƙule.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da sunan yake zama. A saitin "Metadata" akwai akwatin "Face Tags (including face areas)". Idan ka kunna shi, manhajar za ta rubuta sunan mutum da gurbin fuskarsa a cikin fayil ɗin hoton kansa, a sashen ɓoyayyun bayanan hoto da ake kira XMP. Ido ba ya gani, amma yana nan.

Ɗauki mai ɗaukar hoton biki da ya sa wa amarya da ƙawayenta goma cikakkun sunayensu don sauƙin nema. Ya tura wa dangin ango hotuna 200 ta WhatsApp a matsayin "Document" don kada su dishe. Turawa ta wannan hanya ba ta goge komai, saboda haka duk wanda hoton ya faɗa hannunsa zai iya sanin wace ce wace, alhali ba wadda aka nemi izininta. Ga yadda ake dubawa, da yadda ake gogewa da manhajar ExifTool mai karanta bayanan cikin hoto:

```
exiftool -RegionName -Subject hoto.jpg
exiftool -all= hoto.jpg
```

Umarni na biyu yana barin tsohon fayil da sunan hoto.jpg_original, da sunayen a cikinsa, kada a haɗa da shi wajen turawa. Yana kuma share bayanin juyin hoto, shi ya sa wasu ke fitowa a kwance.

Abin da ya fi shi ne ka zaɓi "Write to XMP sidecar only" tun farko, sunayen su zauna a wani ƙaramin fayil daban. Sai dai lissafin siffar fuskokin yana cikin fayil ɗin digiKam mai suna recognition.db, sunayen kuma a digikam4.db, kuma manhajar ba ta kulle su da kalmar sirri. Wanda ya samu kwamfutar ya samu duka, sai in ka kulle faifan ajiyar kwamfutar baki ɗaya.

Ga mai kundin hotunan gida, ta wadatar. Mai sana'a kuwa a Nijeriya ya sani dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan siffar jiki cikin masu tsananin sirri, kuma sassaucin da ta yi wa amfanin cikin gida bai shafi shagon hoto ba.