Bizar maki ko bizar kamfani: yi lissafi kafin ka fidda kuɗinka

Duk wanda ke son fita waje da sana'arsa ta hanyar halak, yawanci ƙofa biyu ce a gabansa. Ko dai gwamnatin ƙasar ta auna shi da maki ta gayyace shi, ko kuma wani kamfani a can ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa. Kanada ce misalin ta farko, Birtaniya kuma misalin ta biyu, don haka da su zan gwada. Kada sunan ya ruɗe ka: Birtaniya ma tana ce wa nata tsarin na maki, ana buƙatar 70, amma ba ka isa ka haɗa su ba in babu kamfanin da ya ba ka aiki.

A Kanada tsarin shi ne Express Entry, wanda aka fara a 2015. Za ka zana jarrabawar harshe, ka aika takardun karatunka ga hukuma irin WES ta tantance darajarsu, sannan ka buɗe fayil a shafin gwamnati. Nan take a ba ka maki daga cikin 1,200, ka shiga layi. Lokaci-lokaci gwamnati kan ja layi a wani adadi, ta gayyaci waɗanda ke samansa su nemi izinin zama na dindindin cikin kwana 60. Tun Maris 2025 an daina ƙara maki don mutum yana da tayin aiki. Shekarunka, karatunka, harshenka da ƙwarewarka su ne jarinka.

Mu ɗauki injiniya ɗan shekara 31, ba shi da aure, yana da digiri na farko da aikin shekara uku a Kaduna. Shekarunsa za su ba shi maki 99, digirinsa 120. In ya ci 6.0 a kowane ɓangare na jarrabawar Ingilishi ta IELTS, wato mafi ƙarancin abin da ake karɓa, harshe zai ba shi 68, ƙarin da ake samu idan an haɗa harshe da karatu da ƙwarewa kuma 38. Jimilla 325. Bari ya koma ya sake jarrabawar, ya ci 8.0 a saurare da 7.0 a sauran ukun. Makin harshe zai tashi zuwa 124, ƙarin ya koma 75, jimilla 418. Mutum ɗaya, takardu ɗaya, amma jarrabawa ta ƙara masa 93. In ya haɗa da digiri na biyu zai kai 458.

To, ina aka ja layin? A 2024 gayyatar gama-gari ba ta sauka ƙasa da 520 ba. Ka ga ke nan injiniyan namu, duk da ƙoƙarinsa, bai kai ba, kuma shekaru na ci masa maki a hankali: kafin ya cika 35 zai rasa 22, a 45 kuwa makin shekaru sifili ne. Wannan shi ne abin da dillalan biza ba sa faɗa. Buɗe fayil ba gayyata ba ce. Fayil na mutuwa bayan wata 12, sakamakon jarrabawar harshe bayan shekara biyu, sai mutum ya sake biya yana nan inda yake.

Sauran ƙofofi biyu ne gare shi. Ta farko, wani lardin Kanada ya zaɓe shi, wanda hakan ke ƙara maki 600, amma lardin ne ke zaɓa bisa buƙatarsa. Ta biyu, gayyatar rukuni da aka soma a 2023, inda ake ware ma'aikatan lafiya, masu wasu sana'o'in hannu, da masu jin Faransanci, a ja musu nasu layin. Na Faransanci ya sha sauka ƙasa da 400. A nan ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatunsa da Faransanci ya fi takwaransa na Kano rinjaye nesa ba kusa ba, muddin ya ci jarrabawar Faransanci ta TEF Canada ko TCF Canada a matakin da ake so. Ni da ni ne injiniyan nan, kuɗin digiri na biyu da na zuba su a koyon Faransanci.

Abin da kake saya da wannan wahala shi ne 'yanci. Ranar da ka sauka mazaunin dindindin ne kai, ka yi wa wanda ka ga dama aiki. Sai dai babu aikin da ke jiran ka, shi ya sa ake so ka nuna kuɗin riƙe kai, sama da dalar Kanada 15,000 ga mutum ɗaya a 2025, kuma ba na rance ba.

Birtaniya akasin haka take. Babu layi, babu ruwanta da shekarunka. Kamfani mai lasisin gwamnati zai ba ka aiki, ya fitar maka da Certificate of Sponsorship, wadda lamba ce a kwamfuta, ka nemi biza da ita cikin wata uku. Wuyar tana wajen albashi. Daga 22 ga Yuli 2025 mafi ƙarancinsa ga yawancin ayyuka fam 41,700 ne a shekara, ko farashin da aka yanka wa sana'ar in ya fi haka, kuma aikin ya zama na matakin digiri. A ranar ce kuma aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga waje. Wanda ya ce yau zai samo maka wannan aikin daga Najeriya, riƙe aljihunka. Ga kuɗin lafiya fam 1,035 kowace shekara, wato 3,105 na bizar shekara uku, a biya tun farko, ban da kuɗin bizar kanta. Likitoci da ma'aikatan jinya an ɗauke musu kuɗin lafiyar.

Igiyar kuwa tana hannun kamfani. In ya sallame ka, ko gwamnati ta ƙwace lasisinsa, yawanci kwana 60 ake ba ka ka sami wani ko ka tattara. Canza wurin aiki ma sai da sabuwar takarda da sabon nema. An saba samun izinin dindindin bayan shekara biyar, amma a Mayu 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da shi goma.

Gane na ƙarya ba wuya. Jerin kamfanoni masu lasisi yana buɗe a gov.uk, ka duba sunan da kanka. Amma 'yan damfara ma suna aron sunayen da ke jerin, don haka ka nemi kamfanin ta adireshinsa na asali, ba ta lambar da dillali ya turo ba. Doka ta hana kamfani ɗora wa ma'aikaci kuɗin Certificate of Sponsorship. Aikin da aka ba ka babu ganawa, sai dai lambar asusun da za ka tura miliyoyi, ba aiki ba ne.

Kafin ka biya kowa ko sisi, shiga canada.ca ka lissafa makinka da sakamakon da za ka iya ci da gaske, ka gwada da layin gayyatar watannin baya na rukuninka. In tazarar ba ta wuce abin da jarrabawa ɗaya ko Faransanci zai cike ba, kuma ba ka yi nisa da talatin ba, bi hanyar maki. In ka haura arba'in amma kana da ƙwarewar da ake biyan sama da fam 41,700 a kanta, daina ɓata kuɗi a layin Kanada, ka gyara takardar neman aikinka ka tura wa kamfanonin da ke cikin jerin kai tsaye.