Ƙarin kashi 30 ko lissafin lamba uku: wanne zai fitar da kai a gyaran shago?

"Magini ya ce sati biyu zai gama min gyaran shago. Wani ya ce in ƙara kashi 30 a kan abin da ya faɗa, wani ya ce in yi lissafin lamba uku. Wanne ya fi?"

Alhaji, ɗauki lamba uku. Ƙarin kashi 30 ya fi babu, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Zai mayar maka da kwana 14 zuwa 18, amma ba zai nuna maka inda aikin zai maƙale ba.

Ni a wajen wani dattijon magini da ya yi min katanga na fara ganin abin, Allah ya saka masa da alheri. In ka tambaye shi yaushe zai gama, ba ya ba ka rana ɗaya. Sai ya goge cokalin gininsa a jikin bulo ya ce, "In komai ya zo daidai kaza ne, yadda aka saba kaza ne, in mai tifa ya yi halinsa kuwa kaza ne." Daga baya na gane injiniyoyi ma haka suke yi, da tsarin PERT da sojojin ruwan Amurka suka fito da shi a 1958.

Dalilin da aiki ke zarce lokaci shi ne sauri yana da iyaka, jinkiri ba shi da ita. Filastar kwana 6 ba za ta ƙare a kwana ɗaya ba ko leburori nawa ka zuba, amma rashin yashi, ko ruwan sama, ko rasuwa a gidan magini, na iya kai ta sati biyu. Shi kuma da ya ce maka sati biyu, ranakun da cokali ke hannunsa ya ƙirga, ban da ranakun jira.

Ga yadda za ka yi. Raba aikin gida-gida, kowanne ka nemi lamba uku: mafi sauri, yadda aka saba, mafi muni. Sai ka yi wannan lissafi: (mafi sauri + 4 × yadda aka saba + mafi muni) ÷ 6.

A ce wayarin 2, 3, 10 ne, zai ba ka kwana 4. Filasta 4, 6, 14 za ta ba ka 7. Tayil 3, 5, 13 zai ba ka 6. Duba lambobin tsakiya, 3 da 6 da 5: 14 ke nan, daidai sati biyun maginin naka. Ba lallai ƙarya ya yi ba. Amma lissafi ya ce 17, kuma wannan matsakaici ne kawai, kusan rabi da rabi ne a gama kafinsa ko a wuce shi.

Kada kuma ka tara mafi munin duka ka ce kwana 37, da wuya masifa ta sami kowane mataki a jere. Don sanin kwanakin da za ka ƙara a kan 17, a kowane aiki cire ƙaramar lamba daga babba ka raba da 6, ka ninka sakamakon da kansa, ka haɗa ukun, ka ɗauki tushen jimlar a kalkuleta, wato alamar √. A nan zai ba ka kusan kwana 3. Ninki biyunsa a kan 17 ya kai ka wajen 23. To 17 ita ce ranar da za ka riƙe a ranka, 23 kuma ita za ka faɗa wa mai kawo maka kaya. Ranakun aiki nake nufi, Juma'a kuwa ka san rabin yini ce.

Inda lissafin ke cin amanar mutum shi ne abin da ba a rubuta ba. Sabuwar filasta tana son makonni uku zuwa huɗu ta bushe kafin fenti, in aka yi gaggawa fentin ya kumbura ya ɓare. Babu mai sa wannan a kimarsa, saboda ba wanda ke aiki a lokacin. Haka in mataki ɗaya yana jiran abu uku, tayil da siminti da mai ɗora shi, kuma kowanne rabi da rabi ne ya iso kan lokaci, damar duk ukun su iso kan lokaci, ɗaya ce cikin takwas.

Sai ka yi hattara da masu yanke maka gajeren lokaci don su karɓi kafin alƙalami, alhali suna da aiki uku a wasu unguwanni. Alamarsu, ka tambaye su mafi muni su ce "ai ba za a samu matsala ba." Wanda ya ƙi ba ka lamba ta uku, nemi lambar wayar wanda ya yi wa aiki na ƙarshe, ka tambaye shi kwana nawa aka ce masa, kwana nawa kuma aka yi. Kuɗi kuma ka riƙa biya mataki-mataki, sai an gama filasta a ga kuɗin tayil.