Shekara huɗu da warfarin, wata goma sha huɗu da afiksaban

Ranar da likita ya ce zuciyata ba ta bugawa a kan tsari, ban ɗauki abin da zafi ba, don ni dai faɗuwar gaba nake ji jefi-jefi, sai haki in na hau bene. Shi ya zaunar da ni ya ce, "Baba, ɗakin sama na zuciyarka karkarwa yake yi maimakon ya matse sosai. Jini yana kwanciya a ciki ya dunƙule, in gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki." Ya ce mai irin wannan ciwo haɗarinsa ya kai ninki biyar na wanda ba shi da shi. Da shekaruna 67 da hawan jinina, sai ya ɗora ni a kan maganin tsinka jini, wato warfarin.

Ba zan ci amanar warfarin ba. Yana da araha, ana samunsa, kuma yana rage haɗarin shanyewar jiki da wajen kashi biyu cikin uku. Wahalarsa tana wajen awon da ake kira INR, wanda ke nuna yawan jinkirin da jininka ke yi kafin ya daskare. Na mai lafiya yana wajen 1. Ni ana so nawa ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya sauka ƙasa da 2 kariyar ta ragu, in ya haura sosai kuma jini na iya ɓallewa. Da farko duk mako nake zuwa a ɗebi jini, da ya ɗan daidaita aka mayar da shi wata-wata. Kuma in an canja maka yawan ƙwayar, ba a ganin sakamakon sai bayan kwanaki, saboda haka kullum kana bin bayan abin da ya riga ya faru ne.

Nawa bai taɓa zama wuri ɗaya na tsawon lokaci ba. Warfarin yana aiki ne ta hanyar tare bitamin K, shi kuwa bitamin K a ganye yake. Da damina ta sauka, gida ya cika da miyar alayyafo da kwaɗon zogale, awona ya faɗi zuwa 1.5. Na ce to zan daina cin ganye. Likita ya ce a'a, ba hana ni ya yi ba, so yake in riƙa ci daidai wa daida, kada wannan mako in cika ciki mako mai zuwa in ƙaurace. Faɗa da baki mai sauƙi ne, amma wanda ake zuba wa tuwo a gida ya san ba shi ke zaɓen miya ba.

Abin da ya tsorata ni ya faru ne a shekara ta huɗu. Na yi gudawa, na aiki yaro kemis, aka ba shi filajil. Mai kemis bai tambayi maganin da nake sha ba, ni ma ban aika masa da bayani ba, don haka laifin namu ne mu biyu. Bayan kwana biyar na ga aswakina ya yi ja, ga wani tabo baƙi a cinya ba tare da na bugu da komai ba. Washegari fitsarina ya fito kamar ruwan zoɓo. Da aka auna, INR ya kai 6.8. Aka dakatar da warfarin na kwana biyu, aka ba ni ɗan bitamin K, aka yi ta maimaita awo har ya sauko. A nan na koyi cewa filajil da seftirin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, rifamfisin na masu tarin fuka kuma yana rage shi.

Bayan wannan ne likita ya kawo maganar afiksaban, wanda a kwalinsa ake rubuta Apixaban. Bai rubuta shi nan take ba. Ya sake duba hoton zuciyata, ya sa aka auna ƙoda, aka ɗora ni a sikeli. Ya ce cikakken kason miligiram 5 ne safe da yamma, ana rage shi zuwa 2.5 ne kawai in mutum ya haɗa biyu cikin uku: shekara 80 ko fiye, nauyin kilo 60 ko ƙasa, ko awon ƙoda ya haura wani mizani. Ni ban shiga ko ɗaya ba. Na daina warfarin, muka jira INR ya sauka ƙasa da 2, sannan na fara sabon.

Wata goma sha huɗu ke nan babu layin ɗiban jini na wata-wata, sai awon ƙoda da na yawan jini lokaci-lokaci. Zogale kuwa ina ci yadda raina ke so. Ɗana da ya bincika ya nuna mini binciken ARISTOTLE na 2011, wanda aka yi da mutum fiye da 18,000: afiksaban ya rage shanyewar jiki da kashi 21 cikin ɗari a kan warfarin, babban zubar jini kuma da kashi 31.

Sai dai kuɗinsa ya ninka na warfarin sau da yawa, ko an haɗa da kuɗin awo da na mota. Ba don 'ya'yana sun ɗauki nauyin ba, da fanshona ba zai iya ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda ƙarfin afiksaban a jiki yana raguwa da rabi cikin kamar awa 12. Warfarin in ka manta kwana ɗaya akwai sauransa a jini. Wannan kuwa in ya ƙare maka ranar Alhamis ka ce sai albashi ya shigo, kwanakin nan a buɗe kake. Kuma INR ba ya nuna aikinsa, babu takardar da za ta tona maka asiri a gaban likita. Shi ya sa nake sayen na gaba tun saura na mako guda. Shi ma yana sa zubar jini, don haka har yau ba na taɓa asfirin ko diklofenak don ciwon gwiwa sai da izinin likita, kuma ina lura da haɓo da baƙin bayan gida.

Akwai wata baiwar Allah da muka daɗe muna haɗuwa a layin awo, ba ta kai shekara arba'in ba. Da ta ji na huta, ta ce ita ma za ta roƙi a canja mata. Likita ya ce mata, "Hajiya, naki daban ne." Ciwonta ya samo asali ne daga zazzaɓin da ke bin ciwon maƙogwaro tun tana yarinya, wanda ya ƙuntata mata bawul ɗin zuciya, irin ciwon da ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ga masu irinsa, binciken INVICTUS na 2022, wanda aka yi har da ƙasashen Afirka, ya nuna masu shan warfarin sun fi masu shan ribaroksaban, wani magani ɗan'uwan afiksaban, tsira da rai. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe ma warfarin ne kawai nasa. Saboda haka kada kowa ya ga kwalina ya je ya saya kafin a yi masa hoton zuciya.

A wurina afiksaban ya fi, muddin ana iya saye ba yankewa. In wata rana kuɗin ya gagara, gara in koma wa likita ya mayar da ni kan warfarin da layinsa, da in riƙa shan ƙwaya ɗaya a rana don kwali ya kai ƙarshen wata.